Mabuɗin sirri ya shiga cikin kod: shin goge shi ya wadatar, kuma ina HSM ya shigo?

*Assalamu alaikum, Malam. Ni mai rubuta manhaja ne a Samaru, Zariya. Na gina wa makarantu masu zaman kansu guda 6 manhajar rajista da biyan kuɗin makaranta, ɗalibai kusan 4,000. Lambobin NIN na iyaye da lambobin asusun bankinsu ina kulle su da AES kafin su shiga rumbun bayanai. Mabuɗin AES ɗin da mabuɗin sirri na Paystack duk suna rubuce a cikin `config.php`, kuma na gano cewa ma'ajiyar kod ɗin a GitHub ta yi wata biyu a buɗe ga kowa. Na goge layukan, na mayar da ma'ajiyar ta sirri. Wannan ya wadatar? Wani abokina ya ce in nemi HSM. Mece ce shawararka?*

Wa alaikumus salam, ƙanena. Bai wadatar ba, kuma kafin ka karanta sauran amsar nan ina so ka ɗauki duka mabuɗan biyu a matsayin waɗanda suka riga suka faɗa hannun wani. Git ba ya mantuwa. Lokacin da ka goge layi ka yi sabon `commit`, abin da ka yi shi ne ƙara sabon shafi a tarihi, tsohon shafin kuma yana nan yadda yake, duk wanda yake da kwafin ma'ajiyar zai iya komawa ya karanta shi. Ka gwada da kanka a kan kwamfutarka:

```
git log --all --oneline -S "sk_live_"
```

Wannan umarni zai nuna maka kowane `commit` da aka shigar da wannan rubutu ko aka cire shi, kuma da `git show` za ka ga mabuɗin cikakke kamar ranar da ka rubuta shi. Akwai kayan aiki irin su `git filter-repo` da suke sake rubuta tarihin su cire abin gaba ɗaya, kuma yana da kyau ka yi amfani da su daga baya domin tsafta, amma ikonsu ya tsaya ne a kan kwafinka da na GitHub. Wanda ya sauke ma'ajiyar a cikin watanni biyun nan yana da nasa kwafin, ba kuma lallai mutum ne ya zauna yana neman ka ba, domin akwai manhajoji da aikinsu dare da rana shi ne bin sababbin abubuwan da aka ɗora a GitHub suna tsince duk abin da ya yi kama da mabuɗi. Mabuɗin Paystack yana da sauƙin ganewa, tunda kullum da `sk_live_` yake farawa. Idan mai shago a Kasuwar Sabon Gari ya bar makullinsa a bakin hanya na tsawon wata biyu, ɗauke makullin ba zai sa ya yi barci ba, sai ya canza kwaɗon.

Manyan kamfanoni ma sun faɗa wannan rami. A 2016 masu kutse sun sami bayanan shiga AWS na kamfanin Uber a cikin wata ma'ajiyar kod a GitHub, suka yi amfani da su wajen kwashe bayanan mutum miliyan 57, fasinjoji da direbobi, kuma sai a Nuwambar 2017 kamfanin ya bayyana abin. Ka lura cewa waccan ma'ajiyar ta sirri ce, irin yadda ka mayar da taka yanzu, amma da aka shiga asusun masu rubuta kod sai aka tarar da komai a zube. A Oktobar 2022 kuma Toyota ta sanar da cewa wani ɓangare na kod ɗin manhajarta ta T-Connect ya zauna a buɗe a GitHub tun daga Disambar 2017 har zuwa Satumbar 2022, ɗauke da mabuɗin shiga wata saba mai bayanan abokan ciniki sama da 296,000. Kusan shekara biyar mabuɗin bai canza ba, domin da an canza shi ko sau ɗaya, da wanda yake cikin kod ɗin ya zama matacce.

Mabuɗanka biyu ba iri ɗaya ba ne, kuma maganinsu ya bambanta. Na Paystack shi ne mafi gaggawa kuma mafi sauƙi, don haka yau za ka yi shi. Wanda yake riƙe da shi zai iya tambayar Paystack da sunanka, ya ga tarihin biyan kuɗi da bayanan masu biya. Akwai kuma wata ɓarna da ta fi dacewa da irin manhajarka, wadda ba kowa yake tuna ta ba. Idan uba ya biya kuɗin makaranta, Paystack yana aiko wa sabarka saƙo cewa an biya, yana kuma sa hannu a kan saƙon ta hanyar HMAC-SHA512 da wannan mabuɗin sirri, sa hannun yana zuwa a cikin `x-paystack-signature`. Manhajarka tana duba sa hannun, idan ya dace sai ta rubuta cewa ɗalibi ya biya. Ke nan duk mai mabuɗin zai iya ƙirƙirar saƙon da kansa, ya sa hannu daidai, manhajarka ta fitar da rasit alhali ko sisi bai shiga asusun makaranta ba. Saboda haka ka shiga shafin saitunan Paystack ka samar da sabon mabuɗi, ka tabbatar tsohon ya daina aiki, sannan ka zauna ka kwatanta kowane biya da manhajarka ta rubuta a watanni biyun nan da abin da yake a kundin Paystack. Duk rasit ɗin da ba shi da takwara a can, ka san daga ina ya fito. Idan kalmar sirrin rumbun bayanai ma tana cikin `config.php`, kamar yadda na fi tsammani, ita ma yau za ta canza.

Dalilin da ya sa wannan yake da sauƙi shi ne cewa mabuɗin Paystack ƙofa kawai yake buɗewa. Da zarar ɓangaren can ya daina karɓar sa, ya zama rubutu marar amfani. Mabuɗin AES ba haka yake ba, domin babu wani ofishi da za ka je ka ce a soke shi. Lissafi ne: duk wanda yake da mabuɗin da kuma kulallun bayanan zai buɗe su, yau ko bayan shekara goma, a kan kwamfutarsa, ba tare da ya taɓa sabarka ba. Idan kuma ka canza shi a cikin `config.php` da daren nan, gobe da safe manhajarka ba za ta iya karanta ko layi ɗaya daga cikin bayanan ɗalibai 4,000 ba. A nan ne asalin illar rubuta mabuɗi a cikin kod take. Mutane sun fi maganar tonuwar sirri, amma abin da ya fi cutarwa a ganina shi ne cewa manhajar da aka gina ta haka mabuɗi ɗaya tak ta sani, ba ta da hanyar tambayar wane mabuɗi ne ya kulle wannan layi, don haka ba a iya sauya shi sai da tsayar da komai. Abin da ba a iya sauyawa cikin sauƙi kuwa ba a sauya shi, ko da ma'aikaci ya bar aiki da kwafin kod a laftof ɗinsa, ko da an tura kod ɗin ga wani ta WhatsApp ya taimaka da gyara.

Gyaran yana farawa ne da ba kowane kulallen layi lambar mabuɗin da ya kulle shi. Bari mu bi shi a kan naka rumbun. Da farko ka ƙara ginshiƙi ɗaya, ka ba duk tsofaffin layuka sifili, wanda yake nufin tsohon mabuɗin da ya tonu:

```sql
ALTER TABLE iyaye ADD COLUMN key_id INT NOT NULL DEFAULT 0;
```

Daga nan sai ka gyara manhajar ta yadda wajen karatu za ta duba `key_id` ta ɗauko mabuɗin da ya dace, wajen rubutu kuwa kullum da sabon mabuɗi za ta kulle, ta kuma rubuta lambarsa. Ka ɗora wannan gyara ka bar shi ya yi aiki ka ga cewa makarantu suna karatu da rubutu lafiya, kafin ka taɓa tsofaffin bayanai. Yawancin waɗanda suke ɓata aikin nan a wannan gaɓa suke ɓata shi, saboda suna haɗa sauya kod da sauya bayanai a dare ɗaya, idan abu ya lalace ba su san wanne ne ya jawo ba.

Bayan haka sai ka rubuta ƙaramar manhaja da za ta riƙa ɗauko layukan da suke da sifili, misali 200 a lokaci guda, ta buɗe kowanne da tsohon mabuɗi, ta kulle da sabo, ta sake buɗewa ta tabbatar abin da ya fito daidai yake da na asali, sannan ta rubuta. Wajen rubutun akwai wani ƙaramin sharaɗi da yake kare ka daga babbar matsala:

```sql
UPDATE iyaye SET nin = ?, asusu = ?, key_id = ?
WHERE id = ? AND key_id = 0;
```

Amfanin `AND key_id = 0` iri biyu ne. Idan a daidai lokacin da kake aiki sakataren wata makaranta a Tudun Wada ya gyara lambar asusun wani uba, manhajar za ta riga ta rubuta layin da sabon mabuɗi, sharaɗin kuma zai hana ka maye gyaransa da tsohon bayani. Na biyu, idan wuta ta ɗauke ko intanet ya yanke a tsakiyar aiki, abin da ni da kai muka san ba baƙo ba ne, za ka sake kunna manhajar ta ci gaba daga inda ta tsaya, ba tare da ta kulle wani layi sau biyu ba. Da layuka 4,000 zagaye 20 ke nan, aikin 'yan mintoci. Ka ɗauki kwafin ajiya kafin ka fara, kuma idan ka gama ka ƙirga da `SELECT key_id, COUNT(*) FROM iyaye GROUP BY key_id;` har sai sifili ya ɓace daga sakamakon.

Tunda kana sake kullewa, ka duba yadda ake kullewar. Inda aka rubuta mabuɗi a cikin kod, sau da yawa a layin da yake ƙarƙashinsa za ka tarar an rubuta `iv` ma, wato ƙimar farawa da ya kamata ta zama sabuwa a kowace kullewa. Idan ba ta canzawa, NIN ɗaya zai riƙa ba da kulallen rubutu iri ɗaya a ko'ina ya bayyana, kuma idan tsarin AES-GCM ne, maimaita ta a ƙarƙashin mabuɗi ɗaya yana rushe kariyar baki ɗaya. Ka yi amfani da AES-256-GCM, ka samar da sabuwar ƙima mai bayit 12 da `random_bytes(12)` a kowane layi, ka ajiye ta tare da kulallen rubutun, domin ita ba sirri ba ce.

Akwai abin da duk wannan aiki ba zai gyara ba, kuma dole in faɗa maka shi. Kowane tsohon kwafin rumbun bayanai, wanda yake a sabar, wanda ka sauke a laftof, wanda ka taɓa tura wa wani ta imel, da tsohon mabuɗi aka kulle shi, kuma haka zai kasance har abada. Sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka goge waɗanda ba ka buƙata, waɗanda kake buƙata kuma ka sake kulle su. Sannan ka binciki rajistar sabar da ta rumbun bayanai na tsawon watanni biyun, kana neman shiga daga adireshin da ba ka sani ba, ko sauke bayanai masu yawa a lokacin da makarantu suke rufe. Mabuɗi kaɗai ba ya ba wa ɓarawo bayanai sai ya sami kulallun bayanan, amma idan kalmar sirrin rumbun ta tonu tare da shi kuma rumbun yana karɓar haɗi daga waje, to ya sami duka biyun. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa mai sarrafa bayanai a madadin wani, wato kai, alhakin sanar da mai bayanan, wato makarantun, su kuma idan abin yana iya cutar da mutane suna da awa 72 daga lokacin da suka sani su sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC. Shawarata ita ce ka gaya wa masu makarantun da bakinka, a rubuce, a cikin makon nan.

Yanzu sai tambayar da ta rage: sabon mabuɗin, ina zai zauna? Mataki mafi ƙanƙanta shi ne fitar da shi daga kod zuwa fayil na daban a sabar, ba a cikin babbar jakar da ake nuna wa duniya ba, wanda asusun manhajar kaɗai yake iya karantawa, kuma sunansa yana cikin `.gitignore`. Wannan ya fi halin da kake ciki nesa ba kusa ba, amma yana da iyaka, domin duk wanda ya mallaki sabar ko ya sami kwafin faifanta ya sami rumbun da mabuɗin a wuri guda. Tsarin da ya fi shi shi ne raba mabuɗai hawa biyu. A ƙasa akwai mabuɗan bayanai, waɗanda su ne suke kulle NIN da lambar asusu, kuma a wurinka zan ba kowace makaranta nata, guda 6 ke nan, kowanne bayit 32. A sama akwai babban mabuɗi guda ɗaya wanda ba ya taɓa bayanan ɗalibai, aikinsa kawai kulle waɗannan ƙananan mabuɗan. Kulallun ƙananan mabuɗan za su iya zama a cikin rumbun bayanai ba tare da tsoro ba, babban kuwa yana zaune a wani wuri da ba ya fitowa.

Wannan wurin shi ne HSM, ko hidimar da aka gina a kansa. HSM na'ura ce da aka ƙera domin ta samar da mabuɗi a cikinta, ta riƙe shi, ta yi lissafi da shi, amma ba ta miƙa shi ga kowa a buɗe. Kai ne kake tura mata abin da kake so a buɗe ko a sa wa hannu, ita kuma ta dawo maka da sakamako. Manhajoji galibi suna magana da ita ta hanyar ƙa'idar PKCS#11, inda ake samar da mabuɗi da `CKA_SENSITIVE` a kunne da `CKA_EXTRACTABLE` a kashe, wanda yake nufin ko mai kula da na'urar ba zai iya fitar da shi ba. Ana auna ingancinsu da ma'aunin FIPS 140, mai matakai huɗu, kuma waɗanda suka kai mataki na uku an gina su ne ta yadda jikinsu ba ya buɗuwa cikin sauƙi, idan aka ɓalle murfi kuma suna goge mabuɗan da suke ciki. Kana hulɗa da irin wannan na'ura duk lokacin da ka buga lambar sirri a ATM ko a POS, domin a cikin HSM na banki ake tantance lambar, kuma manyan mabuɗan irin waɗannan na'urori ana raba su kashi-kashi a hannun mutane daban-daban don kada mutum ɗaya ya san duka.

Amma ba na ba ka shawarar sayen na'urar. Wanda ya sayi HSM ɗaya ya sayi matsala, domin ranar da ta ƙone ko ta goge kanta bayanansa sun tafi, saboda haka sai ka sayi biyu, ka tsara yadda za su riƙa kwafar juna, ka samar musu wuta da sanyi da amintattun mutanen da za su riƙe katunan izini. Ko ta haya ce a AWS CloudHSM, kuɗin ya haura dala ɗaya a kowace awa a kan kowace na'ura, wanda a wata ya fi ƙarfin abin da makarantu 6 za su biya ka. Abin da ya dace da girman aikinka shi ne hidimar sarrafa mabuɗai irin AWS KMS, inda babban mabuɗin yake zaune a cikin HSM ɗinsu, kai kuma kana biyan dala ɗaya a wata a kan kowane mabuɗi, da ɗan abu kaɗan a kan yawan kira. Ga yadda ake samar da mabuɗin makaranta ɗaya:

```
aws kms generate-data-key --key-id alias/makarantu --key-spec AES_256
```

Amsar tana zuwa da abu biyu masu muhimmanci: `Plaintext`, wato mabuɗin a buɗe, wanda za ka yi aiki da shi a cikin ƙwaƙwalwar sabar kawai ba tare da ka rubuta shi a faifai ko a rajista ba, da kuma `CiphertextBlob`, wato shi ɗin dai a kulle, wanda za ka ajiye a rumbu tare da lambar `key_id`. Idan manhaja ta tashi, sai ta tura kulallen ga KMS a buɗe mata, ta riƙe shi a ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci, ta yadda ba kowane ɗalibi da aka duba zai jawo kira ta intanet ba. Idan biyan dala ya zama cikas, za ka iya kafa Vault ko OpenBao a wata saba ta daban ka yi amfani da sashensu na `transit`, wanda yake yin irin wannan aiki kuma yana maƙala lambar mabuɗi a gaban kowane kulallen rubutu, kamar `vault:v1:`. Sai dai a nan kula da sabar da kwafin ajiyarta ya koma wuyanka.

Ka lura da abin da HSM ba ya yi, domin abokinka mai yiwuwa bai faɗa maka ba. Yana hana a sace mabuɗi, amma ba ya hana a yi amfani da shi. Idan ɗan kutse ya mallaki sabarka, zai roƙi KMS ya buɗe masa da izinin sabar, KMS kuma zai buɗe, tunda a wurinsa manhajarka ce take tambaya. Ribar da ka samu ita ce dole ɓarawon ya yi aikinsa ta ƙofar da ake rubuta sunan mai shiga, domin kowane kira yana shiga rajistar CloudTrail, kuma da zarar ka janye izinin ya tsaya, saɓanin mabuɗin da aka kwafa aka tafi da shi. Saboda haka rajistar sai an duba ta. Manhajar da ta saba kiran `Decrypt` sau kaɗan a rana, idan ta yi kira ɗaruruwa da ƙarfe ukun dare ko daga adireshin da ba na sabarka ba, ya kamata saƙo ya iso wayarka. Kuskuren da na fi gani kuma shi ne mutum ya koma KMS, sannan ya rubuta bayanan shiga AWS a cikin `config.php`, ya dawo daidai inda ya fara. Idan sabar tana kan AWS, ka ba ta matsayi na IAM, wanda bayanan shigarsa na wucin gadi ne kuma suna sabunta kansu. Idan a wani wuri take, ka ba ta asusun da ba shi da iko a kan komai sai `kms:Decrypt` a kan wannan mabuɗi guda, ka kuma taƙaita shi ga adireshin sabar.

Da wannan tsari sauya mabuɗi ya kasu gida biyu, kuma rikita su yana jawo kwanciyar hankali ta ƙarya. Sauya babban mabuɗi abu ne mai arha. A AWS KMS idan ka kunna sauyawa ta kai tsaye, a bisa al'ada duk kwana 365 ake samar da sabo, ana kuma ajiye tsofaffin domin buɗe abin da aka kulle da su. Wannan sauyawa ba ta taɓa ƙananan mabuɗanka, ba ta kuma sake kulle bayanan ɗalibai. Idan ƙaramin mabuɗin wata makaranta ne ya tonu, misali ya shiga rajistar kurakurai a buɗe, sauya babban mabuɗi sau goma ba zai amfane ka ba. Sai ka samar wa makarantar sabon ƙaramin mabuɗi da sabuwar lambar `key_id`, ka sake gudanar da waccan ƙaramar manhaja, da tsohuwar lambar `key_id` a madadin sifili, a kan layukanta kaɗai, wajen 700 maimakon 4,000, sauran makarantu biyar kuma ba su ma san an yi ba.

Game da tsawon lokacin da ya kamata mabuɗi ya yi yana aiki, jagorar SP 800-57 ta NIST, hukumar ma'aunai ta Amurka, ta ba da shawarar kada mabuɗin kulle bayanai irin naka ya wuce shekara biyu ana kulle sababbin abubuwa da shi. Akwai kuma iyaka ta lissafi, domin a AES-GCM mai ƙimar farawa ta bazata ba a wuce kullewa 2^32 da mabuɗi ɗaya, wato kusan biliyan 4.3, adadin da makarantunka ba za su kusance shi ba. Don haka a wurinka dalilin sauyawa shi ne rage yawan abin da mabuɗi ɗaya zai tona idan ya fita, da kuma tabbatar da cewa hanyar sauyawar tana aiki. Na biyun ya fi muhimmanci. A 2023 wasu masu kutse da aka yi wa laƙabi da Storm-0558 sun shiga akwatunan imel na hukumomin gwamnatin Amurka da wani mabuɗin sa hannu na Microsoft da aka samar tun 2016, kuma binciken da hukumar nazarin tsaron intanet ta Amurka ta fitar a 2024 ya nuna cewa kamfanin ya daina sauya irin waɗannan mabuɗai da hannu a 2021, bayan wata sauyawa ta jawo katsewar hidima. Sauyawar ta yi zafi, aka dakatar da ita, tsohon mabuɗi ya ci gaba da aiki. Ni da zan tsara maka, sau ɗaya a shekara ne, a lokacin dogon hutu kafin a fara biyan kuɗin zangon farko, da kuma duk lokacin da wani mai izinin shiga sabar ya bar aiki.

Kada ka yi gaggawar hallaka tsohon mabuɗi bayan sauyawa ta yau da kullum. Kwafin ajiya na watan jiya da shi aka kulle, kuma ranar da ka buƙaci dawo da shi ba tare da mabuɗin ba, babu wanda zai iya taimaka maka. Shi ya sa KMS ba ya goge babban mabuɗi nan take, sai ya jira tsakanin kwana 7 zuwa 30. Ka fara da dakatar da mabuɗin, ka ga ko wani abu zai yi kuka, sannan ka goge shi bayan kwafin ajiya na ƙarshe da ya dogara da shi ya ƙare wa'adinsa.

Domin kada abin ya maimaitu, ka sa `gitleaks` ya riƙa duba kod kafin kowane `commit`, ka kunna kariyar da GitHub yake da ita mai hana tura abin da ya yi kama da mabuɗi, ka kuma riƙa gwaji da mabuɗan `sk_test_` kaɗai a laftof. Idan kana da manhajar waya ta Android da iyaye suke saukewa, ka buɗe fayil ɗin APK da `jadx` ka nemi `sk_live_` a ciki. Duk abin da aka saka a cikin manhajar waya kowa na iya karanta shi ko da kod ɗin bai taɓa zuwa GitHub ba, kuma `pk_live_` kaɗai ne ya halatta ya zauna a can.